Ranar da Kawu ya yi mini Larabci

Shekara biyu na yi ina mandub, wato mai yawo shago-shago yana karɓar oda, a wani kamfanin rarraba sabulu, ganyen shayi da biskit a Wad Madani, nan Sudan. Yankina ƙauyukan da ke bin hanyar Sinnar ne, yawancinsu namu ne na Hausawa, shi ya sa ma aka ɗauke ni. Tsarina kuwa babu tsari. In tashi da safe, in hau babur, duk inda raina ya ba ni can na nufa. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: Litinin da Alhamis, ƙarfe goma, ina shagon Kawu ana fatur, wato karin kumallon hantsi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Shagonsa na can ƙarshen ƙauyenmu, bayan tur'a, babban magudanar ruwan gonaki. Shago ne na kanta uku da buhun sukari ɗaya, amma in ka ji yadda yake maganarsa sai ka rantse babbar kasuwar Madani ce. Da na iso zai shimfiɗa tabarma, a kawo kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miya, a ɗora jabana, wato gahawa. Sai ya kira duk mai wucewa: “Ku zo ku ga ɗana, shi ka raba ma ƙasar ga duka sabulu!” Awa ɗaya da rabi nake yi a nan, wani lokaci biyu, in tashi da odar katan ɗaya.

Sai aka kawo mana sabon mushrif, mai kula da mu 'yan yawo. Mutumin Hasahisa ne, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni gaban taswira ya ce in lissafo shagunan yankina. Ɗari da goma. Ya ce nawa nake zagawa a mako? Na yi 'yan kame-kame, muka ƙirga, hamsin da 'yan kai. Akwai shagunan da suka yi wata biyu ba su ga ƙeyata ba, har wani kamfanin ya maye gurbinmu a kantocinsu. Ya ce yana son tis'in a mako, sha biyar kullum daga Asabar zuwa Alhamis, ya ba ni wata biyu. In ban kai ba, akwai mai jiran babur ɗin. A lokacin matata na da tsohon ciki.

Abin da ya fi ci mini rai, bai zana mini hanyar ba. Cewa ya yi: “Ya zol, bawan Allah, kai ka san ƙauyukan nan, kai za ka zana.” Ya nuna mini yadda ake yi. A jera shaguna bisa yawan kayan da suke ɗauka. Saba'in na sama a je musu kowane mako, arba'in na ƙasa sau ɗaya a mako biyu, ashirin wannan mako, ashirin wancan. Ƙauyukan da ke kusa da juna a haɗa su rana ɗaya, a guji ranar kasuwarsu don mai shago ba shi da lokacinka. A fara daga nesa a dawo gida, kada a tsallaka gada ɗaya sau biyu. Babban shago minti ashirin, ƙarami minti goma. Washegari kuma motar kaya za ta bi sawuna shago bayan shago, don haka in na birkita jerin, na birkita wa direba da masu lodi.

Na zauna da biro na yi jerin da hannuna. Kawu ya faɗo na ɗari da huɗu. Na sake lissafi, na ƙara masa katan na biskit da ya taɓa saya da Sallah, ya hau na ɗari da biyu. Kai! Na juya taswirar nan ta kowane gefe. Ƙauyenmu gada ɗaya gare shi, daga ita za ka shiga, kuma shagon farko a bakinta na wani ne da Kawu ya koya wa awon sukari, yanzu ya yi firji biyu. In na fara da Kawu sai na wuce shaguna shida ban tsaya ba, in dawo baya, sannan ga fatur. Rabin yini ya tafi.

Na koma wa mushrif na ce masa mu a wurinmu ba a shiga gari a gaida ƙarami kafin babba. Ya saurare ni tsaf, ya ce to in je wa Kawu ranar Juma'a, ai ranar hutuna ce. Gaskiya ya faɗa. Ta yaya zan bayyana masa cewa ba ni kaɗai Kawu ke jira ba, har da babur ɗin da jakar kamfani, a ranar aiki, a idon mutane?

Ban gaya wa Kawu ba. Wannan laifina ne, ba na mushrif ba. Kullum sai in ce gobe. Litinin ta farko ina wani ƙauye can wajen Sinnar, ƙarfe goma ta yi, lokacin fatur, wayata ta yi ƙara sau biyu. Na ga sunansa, na mayar da ita aljihu, ina tsaye ina ƙirga wa wani sabulun da ya rage masa a kanta. Ranar Juma'a kunya ta hana ni zuwa.

Tsarin kuwa ya yi aiki, Allah ya sani. Mai ya ragu, masu shaguna suka san ranata suna ajiye mini odarsu a rubuce. Ni kuma na koma kamar jakin da ke juya injin man riɗi, ga tafiya, ga gumi, ba damar waiwaye.

Ƙauyenmu ya faɗo ranar Laraba, shi kuma Kawu sai Laraba ta biyu. Ta farko na gama shaguna shida na sulale ta gada kamar ɓarawo, alhali na san kafin in kashe babur labari ya kai masa. Ta biyu na isa gare shi bayan azahar, shi ne na ƙarshe a ƙauyen, ga shaguna huɗu suna jirana a gaba. Tun daga gada nake shirya bayanin da zan yi.

Na yi sallama, na durƙusa. Kawu ya amsa, ya miƙe tsaye bayan kanta. Babu tabarma. Ya ce da ni da Larabci, irin wanda yake yi wa jami'an gwamnati in sun zo: “Marhaba, ya ustaz. Sabulu rabin katan.”

Na ce: “Kawu, ni ne fa. Bari in yi maka bayani.”

Ya ce, har yanzu da Larabci: “An gaya mini minti goma gare ni. Kada in ci maka su.”

Tun ina goye a bayan uwata Kawu bai taɓa yi mini Larabci ba. Na so in jefar da jakar a tur'a, in zauna a ƙasa in ce a kawo jabana. Amma na duba agogo. Wallahi na duba, kuma ya ga na duba. A gefen buhun sukari akwai tire an rufe da faifai, ƙudaje na yawo a kai, da alama tun safe yake nan.

Na rubuta rabin katan. Makon nan na cika tis'in daidai, mushrif ya dafa kafaɗata ya ce babur ya zama nawa. Kawu shi ne na saba'in da ɗaya a takardar, an yi masa alama ya samu ziyara.