Lamba Uku a Sama

Ina da tabo a bayan kaina, can saman ƙeya, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Yayana ne ya yi mani shi da fartanya muna yara a gona, kuma har Baba ya rasu ban taɓa faɗin wanda ya yi ba. Faɗuwa na ce na yi. Gashi ba ya fita a wurin, sai dai na kewaye ya rufe shi, shi ya sa ba na wasa da bayani a wurin mai aski.

Ana jibi zan tafi Tafoki gaida iyayen yarinyar da nake nema, Yaya ya ce in zo ya kai ni shagon abokinsa mai aski a Kankara. Na zauna, na yi bayanina dalla-dalla yadda na saba.

“Malam, lamba uku a sama har bayan kai. Lamba biyu a gefe. Lo fed nake so, wato ka fara shafe shi daga saman kunne kaɗan da gindin ƙeya, da lamba ɗaya, ya haɗe da na sama a hankali. Kada ka hau da shi, hai fed zai buɗe mani tabo. Kuma kada kilifa ta taɓa kaina ba mataji.”

Ya nuna mani matajin robar da ake maƙala wa bakin kilifa, na ga ukun da idona. In lambar ta yi ƙasa gashi ya ƙara gajarta, in babu mataji kuwa sai fata. Ya maimaita abin da na ce tsaf, har na ji daɗi.

Ya juya kujerar na ba madubi baya. Sai na ji sanyin ƙarfe a goshina, ya zarce har ƙeya. Matajin na cikin aljihunsa.

“Yi haƙuri,” in ji shi, “Yayanka ya ce kwal-kwabo. Tun jiya ya zo.”

Yaya yana bisa benci yana danna waya. Wai dattawan Tafoki ba su son aski wani wuri dogo wani gajere, askin 'yan iska suke ce masa, kuma ya san in ya gaya mani zan yi gardama. To da ya gaya mani ai sai in ce lamba uku ko'ina, magana ta ƙare. Wallahi raina ya ɓaci. An riga an yi hanya a tsakiyar kai, dole aka ƙarasa.

Ranar da muka je Tafoki ni da Yaya, hula ba ta kai wurin tabon ba. Da na duƙa gaisuwa a zaure, kawun yarinyar ya leƙo ya ce, “Ashsha, yaro, sara ne wannan? Faɗa kake yi?”

Yaya na zaune kusa da ni, gwiwarsa na taɓa tawa. Na ba shi lokaci ya yi magana. Tabarma yake kallo.

“Faɗuwa na yi, Baba,” na ce.