Kwalabar Dinah a Kantar Malam Nata'ala

Shekara ashirin da biyu Malam Nata'ala ya yi yana riƙe da mabuɗin ɗakin gwaje-gwajen sinadarai a wata babbar makaranta da ke Dutse. Mutumin garin Miga ne, ɗan siriri, kuma duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya hau babur ya tafi gida duba geronsa. Difiloma kawai gare shi. Saboda haka malaman sashen, masu ɗaurin wuya ko da rana na dukan tsakar ka, suka ɗauke shi mai wankin kwalabe. Wasunsu ko amsa gaisuwarsa sai sun ga dama.

Yana da wata ɗabi'a da ɗalibai suka san shi da ita. Idan ɗalibi ya zo yana son haɗa wani sinadari, ba ya ba shi ko cokali. Sai ya miƙa masa alli.

"Zana abin da kake so ka samu. To, yanzu koma da baya. Wane ɗauri tsakanin kabon da kabon za ka yanke ya rabu gida biyu? Yi ta komawa har kibiyar zanenka ta sauka a kan kwalabar da ke kantata."

Wannan shi ne aikin da littattafai ke kira ritirosintesis, tunanin baya-baya. Shi dai Malam Nata'ala cewa yake bin sawun akuya ne: daga inda ka same ta kake bi har garken da ta fito.

A daminar bara aka turo masa Dinah, 'yar ajin ƙarshe, ɗiyar wani ma'aikacin sakatariya da ke zaune a unguwar Takur. Aikinta na kammala karatu shi ne ta haɗa calkon, wani sinadari mai zoben benzin biyu da sarƙar kabon uku a tsakaninsu. Kabon na farko riƙe yake da oksijin, sauran biyun kuma ɗauri biyu ne ya haɗa su. Mai duba aikin nata Dakta Gwadabe ne, wanda bai iya gama jimla ba tare da ya tuna maka ya yi karatu a ƙasar waje ba. Shi ya zana mata hanya da jan biro, a tsaye, yana amsa waya. Ya yanke ɗaurin da ke tsakanin zobe da kabon mai oksijin, wato ta haɗa benzin da sinamoyil kulorayid, da taimakon garin aluminiyam kulorayid.

A takarda, babu laifi. Amma garin nan ba ya shiri da danshi ko kaɗan, ga shi ana tsakiyar Agusta. Na cikin sito ma tun shekara huɗu murfinsa ya tsage, ya sha iska ya dunƙule. Malam Nata'ala ya je ofis ya faɗa masa, cikin ladabi.

"Malam Nata'ala," in ji Dakta, ko kai bai ɗaga ba, "kai dai ba ta abin da na rubuta. Tunanin ka bar mana."

Ai kuwa ya ba ta. Sau uku yarinyar nan tana gwadawa, sau uku babu abin da ya fito sai ruwa mai dauɗa. Duk lokacin da ta koma ofis sai Dakta ya ce hannunta ne ba shi da kyau. Kai, jama'a! Mutumin da rabonsa da taka ƙofar sito tun ranar da aka zagaya da shi ganin gini, shi ne mai sanin hannun wani.

Saura mako huɗu a kare aiki a gaban masu jarrabawa, Malam Nata'ala ya tarar da ita zaune a kan dogon benci tana share hawaye da hannun farar rigarta. Idan ba ta samu sinadarin nan ba, sai ta maimaita shekara, 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa su bar ta. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya ɗauko alli.

"Tashi, 'yata. Zana shi."

Ta zana.

"Manta da jan biro. Ina wurin da idonki ya fi tsayawa?"

Ta daɗe tana kallon allon. Can ta sa yatsa a kan ɗaurin nan biyu da ke maƙwabtaka da kabon mai oksijin.

"Yanke. Me ya faɗo?"

"Asitofinon a nan, Baba," ta ce a hankali, "benzaldihaid a can."

"Me zai sa su kama juna, ba kowa ya kama ɗan'uwansa ba?"

"Asitofinon ne kaɗai ke da haidurojin a kabon na gefe, wanda sodar yin sabulu za ta cire. Benzaldihaid ba shi da shi, nasa karɓa ne kawai. In sun haɗu ruwa ya fita, ɗauri biyun ya samu."

"To waiga bayanki."

Kwalaben biyu suna kanta ta uku, tun kafin ta shigo makarantar suke nan. Benzaldihaid ɗin ya tsufa, har ya yi farin ɓawo a wuya, don haka ya sa ta wanke shi da ruwan sodiyam kabonet tukuna. Suka narka sodar yin sabulu a ruwa da itanol, suka haɗa da sinadaran biyu a tulun gilashi, suka sa shi cikin ƙanƙarar da ya sayo wurin mai sayar da lemo a bakin ƙofa. Awa uku tana juyawa. Abin ya fara fitowa kamar mai, ba ƙwayoyi ba. Ya ce ta kankari cikin gilashin da sanda ta mayar cikin ƙanƙara. Kafin la'asar ƙwayoyi masu launin ruwan ɗorawa sun cika ƙasan tulun. Bayan ta tace ta sake tsarkake su, suka narke a digiri hamsin da shida, daidai inda ya kamata.

Da Dakta ya gani sai ya gyara tabarau ya ce dama hanyarsa ta biyu ke nan, jira yake ta gano da kanta. Rashin kunya dai ba a sayar da ita a kasuwar Shuwarin, da mutumin nan ya buɗe rumfa.

Ana gobe kare aiki Dinah ta same shi yana jera kwalabe.

"Baba, in an tambaye ni wa ya nuna mini hanyar, zan faɗi gaskiya."

"Makinki a hannun wa yake?"

"A hannun Dakta."

"To ki ce shi ne. Ban sa ki juya abin nan awa uku don ki sake shekara ba."

Ranar, Malam Nata'ala ne aka sa ya tsaya a bakin ƙofa yana danne wayar majigi, don soket ɗin ya saki. Baƙon farfesan da ya zo jarrabawa ya dubi zanen ya ce wannan yanka mai kyau ne, ya tambayi wa ya nuna mata. Dinah ta kalli ƙofa. Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai yana kallon soket.

"Dakta ne," ta ce.

Dakta Gwadabe ya yi murmushi, har da ɗan russunawa.

Da yamma ta kawo masa 'yar kwalabar da ragowar ƙwayoyin ke ciki, ta kasa haɗa ido da shi. Ya karɓa, ya sa mata albarka, ya ce ta gaishe da mutanen gida. Bayan ta fita ya buɗe kabad ɗin da ke bayan ƙofa. 'Yan kwalabe goma sha ɗaya ne a jere a ciki, kowace da sunan ɗalibi da shekara. Ya lashi takarda ya manna, ya rubuta Dinah, ya ajiye ta ta goma sha biyu. Sannan ya naɗe hannun riga ya nufi famfo, don Dakta ya aiko a wanke kofunan da baƙi suka sha shayi.