Yatsan Goggo Zaliya a Kan Sakamakon Gwaji

Goggo Zaliya ta ce an haife ta a Yendi lokacin da ake kwasar maza zuwa yaƙin Bama, kuma tun daga ranar ba ta ga wani abin kirki da takarda ta kawo wa mutum ba. Yayar mahaifina ce. Ubansu farke ne, yana bin hanyar goro tsakanin Salaga da Bawku, ita kuma aure ya kai ta Salaga tana yarinya. Mijin ya rasu, ita ta zauna, ta zama aluwanka, wato mai sa wa amare lalle da yi musu wanka kafin a kai su ɗaki. A zangon Salaga, unguwar Hausawa, da wuya ka sami matar aure da ba ta bi ta hannunta ba, shi ya sa ba mai ɗaga mata murya. Ta ga kowa ba zane.

Ni Mansuratu, na gama karatun aikin ɗakin gwaji na asibiti, ina zaune a Yendi ina jiran a tura ni wurin aiki. Tun ranar da na karɓi shaidar kammalawa Goggo ta laƙaba mini Dakta, da irin muryar da ake kiran gurgu sarkin gudu.

A bana jikarta za ta yi aure a Bawku, 'yar Awawu, babbar 'yarta. Goggo ta daɗe da tanadin lallenta. Sai ta fara haki idan ta ɗauki bokiti, tana tsayawa hutu tsakanin gida da masallaci. Ƙanenta Baba Amidu, mai sayar da hatsi a kasuwar Salaga, ya ja ta asibiti da ƙyar. Aka ɗebi jini, aka ce ta dawo wa likita da sakamako. Ta karɓi sakamakon, ta wuce ƙofar likita kamar ba ta san shi ba, ta koma gida. Baba Amidu ya ɗauki hoton takardar ya zuba a zauren danginmu na waya.

Hoton farko ya yi kyau ƙwarai, idan tabarmar Baba Amidu ake son gani. Rabin takardar ya fita, hasken waya ya cinye tsakiya. Na roƙe shi ya shimfiɗa ta a inuwa, ya ɗauko ta tun daga suna da kwanan wata har layukan gefen dama. Ya ce gefen dama ba komai sai ƙananan lambobi. Na ce ai su nake nema.

Kafin hoto na biyu ya iso, dangi sun gama aikin likita. An ga harafin H guda da L guda uku, aka raba su kamar naman layya. Wata ta ce hanta ce. Wani daga Kete Krachi ya ce maƙwabcinsa L biyu kawai gare shi ya mutu. Baba Amidu ya tsaya a kan H, domin a ganinsa duk abin da ya hau shi ne abin tsoro, kamar farashin masara.

Na kira su. Baba Amidu ya buɗe muryar waya, Goggo na gefensa.

"Goggo, ina wuni. Ya jiki?"

"Jiki na wurinki, Dakta. Karanto mini shi."

Na yi mata bayani a hankali. Lambobin gefen dama iyaka ce, an samo ta ne daga auna mutane masu lafiya da yawa, aka ɗauki inda mafi yawansu suka faɗa. Ko cikin masu lafiyar, kusan biyar a ɗari suna faɗawa waje. Iyakar mace daban da ta namiji a wasu layukan, kuma kowane ɗakin gwaji da tasa. Injin ba ya tunani: lamba ta haura sai ya buga H, ta gaza sai ya buga L, ko da da ƙiris ne.

"H ɗin da Baba ke tsoro, ƙwayoyin da ke tsayar da jini ne idan an ji rauni. Naki 462, iyaka 450. Ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta kuma 3.9, iyaka ta fara daga 4.0. Waɗannan biyun ƙafarsu ɗaya ce a waje."

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba Amidu. Na ji ya tafa hannu.

"Baba, ban gama ba. Layin Hb, shi ne abin da ke ɗaukar iska cikin jini zuwa jiki. Na mace a takardar nan daga 12 ne zuwa 16. Na Goggo 8.4. Wannan ba ƙiris ba ne. Na ƙarƙashinsa kuma girman jajayen ƙwayoyin jini ne, ana son 80 zuwa 100, nata 71, wato sun ƙanƙance."

"To mece ce cutar?" in ji Goggo.

"Takardar ba ta faɗi ba. Ta ce jini ya yi ƙasa, ba ta ce don me ba. Dalilai suna da yawa, wasu masu sauƙi, wasu ba haka ba. Likita ne zai tambaye ki, ya duba ki, ya ƙara wasu gwaje-gwajen. Cikin makon nan ya kamata ki gan shi."

"Amidu, ka ji? Shekara huɗu a Tamale. Aka sayar da doya, aka sayar da rago. An koya mata karanta lamba, suna kuma sai wata makarantar."

Jerin dalilan yana cikin kaina, na rubuta shi a jarrabawa. Tsohuwa mai shekara tamanin ba ta haila, ba ta haihuwa, idan jininta ya sauka haka ana tambayar ko abinci ne, ko yana zuba a wani wuri da ido ba ya gani. Amma in ɗauki ɗaya daga jerin in ɗora mata daga hoton waya, wannan ba aikina ba ne, kuma ko likitan ba zai yi ba.

Daga duk bayanina dangi suka tsinci abu biyu: H ba komai, jini kuma ya ragu. Ƙarancin jini kuwa a zango ba a kai shi asibiti, kowa ya san maganinsa. Malta da madarar gwangwani. Wata ta ƙara da tumatirin gwangwani a cikin lemon kwalba, tunda ja ne. Baba Amidu ya sayo kwalin malta guda ya ajiye mata a ƙofar ɗaki.

Na sake kira, na ce malta ba ya gaya wa kowa inda jini ya tafi.

"Dakta, mu yi ciniki," in ji ta. "Zan sha, in koma a sake awo. In na ci jarrabawar, Bawku. In na faɗi, sai ki kai ni wurin mai gidanku likita."

Na ce jira ba shi da kyau. Ta ce to ba awon ma. Na amince, da sharaɗin in numfashi ya ƙi ta tana zaune, ko jiri ya ɗebe ta, ko ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, a tafi nan take. Ta ce ko mijinta bai taɓa tambayarta launin bayan gida ba. A kwanakin jiran, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka da sauri.

Ana gab da sa lalle hoton ya shigo zauren. Wannan karon Goggo ce ta riƙe takardar da kanta. Hoto tas, inuwa daidai, suna da kwanan wata duk sun fito, ƙananan lambobin gefen dama ma ba wanda ya ɓace. Ashe ta saurari darasin. A kan layin Hb kuwa, daidai wurin lambar, babban yatsanta ne zaune, jawur da lalle. Harafin L na leƙowa daga gefen farce.

Dangi suka fara turo addu'o'in godiya. Awawu ta turo murya daga Bawku tana guɗa, ta ce a sa Inna a lori.

Na rubuta: "Ban iya karanta layin jini ba, yatsa ya rufe shi. L ɗin yana nan." Na kira ta.

"Goggo, ɗaga yatsan."

"Yatsana ne, takardata ce, jinina ne. Wanne ne naki?"

"Ba ko ɗaya. Amma mun yi alkawari."

"Amare nawa na rufa wa asiri a garin nan, ke kin kasa rufa wa yatsa guda."

Baba Amidu ne ya zare takardar, ya karanto da kansa: 7.6. Ya tambaye ni ko hakan yana nufin malta ɗin bai isa ba. Na ce yana nufin lambar ta ƙara sauka, abin da na sani ke nan.

Awawu ta kira ni ita kaɗai. "Ƙanwata, gaya mini gaskiya, me ke damun Inna?" Na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba. Abin da na sani, tafiyar yini guda a kan hanyar Bawku, sannan tsayuwa kan amarya da hayaƙin itace, ba na mai wannan lambar ba ne kafin likita ya gan ta. Ta kashe wayar. Da la'asar ta aika a kira wata aluwanka daga Binduri, kusa da Bawku.

Washegari Goggo ta shiga lori tare da Baba Amidu, amma a Yendi suka sauka. Ta ce ba za ta kwanta a asibitin Salaga amarenta su zo kallonta ba. Na tare ta a tasha. Ta miƙo mini jakar lallenta ba tare da ta dube ni ba, daga bakin lori zuwa adaidaita sai da ta zauna sau ɗaya.

Likitan ya tambaye ta abubuwa da yawa, har da wanda mijinta bai taɓa tambaya ba. A nan muka ji cewa ta daɗe tana haɗiyar maganin ciwon gwiwa kullum, wanda take saya a kanti. Ya hana ta shi, ya kwantar da ita, ya sa a yi gwajin bayan gida da wasu na jini, ya ce mai yiwuwa sai an je Tamale an leƙa cikinta da na'ura. Ta tambaye shi sunan cutar. Ya ce sai sakamako ya fito. Ta juya wurin Baba Amidu ta ce, "Ashe ƙin faɗin suna gadon gidan su Dakta ne."

An yi bikin. Awawu ta turo bidiyon wankan amarya, Goggo ta kalle shi a kan gadon asibiti har ya ƙare, ta ce lallen bai kama ba, kuma matar Binduri tana riƙe ƙwarya kamar mai bara. Daga nan ta juya wa bango fuska. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ranar ma ban gani ba, kafaɗarta kawai na gani.

Har yau ba ta yi mini magana kai tsaye. Ni nake kai mata koko da safe, in zauna a bakin gado, ita kuma ta ce, "Amidu, gaya wa Dakta sukari ya yi kaɗan." Ranar Litinin za mu Tamale. Ta ce in zan bi su, in zauna a kujerar baya.