Amshin waƙar daɓen Inna

Shekara uku ke nan da na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga Argungu zuwa gidana a Badariya, bayan mantuwar tsufa ta kama ta. Da la'asar ta yi sai ta ƙulle ƙunshin zannuwanta ta nufi ƙofa, wai za ta gida kafin a rufe. Abinci kuwa ture shi take, har ta rame. Ni kuma sai faɗa. Ina tsare ta ina tambayarta ko ni wane ne, kamar mai laifi. Allah ya yafe mini.

Maƙwabciyarmu Kirista ce, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe tana kula da tsofaffi. Ita ta ce mu nemo waƙar da Inna ta sani tun tana budurwa. Ta ce waƙa kan daɗe a kai bayan sunaye sun gudu, kuma likitoci sun gwada, sun ga tana kwantar wa wasu hankali na ɗan lokaci. Amma ta ja kunnena: ba magani ba ce, ciwon ba zai koma baya ba, kuma kada a bar zuwa asibiti.

Rabin maganar na ji. Na cika waya da kiɗe-kiɗen zamanin da, na ƙure murya tun safe. Inna ta toshe kunnuwa ta yi kuka.

Ƙanwar Inna, wadda muke kira gwaggo, ita ce ta zo daga Augie da buhun albasa, ta ga abin da nake yi, ta yi mini dariya. Ta ce a zamaninsu in mata suka taru daɓen ɗakin amarya, suna bugun ƙasa da madaɓi, Inna ce mai ba da waƙa, sauran su amsa. Ba ta taɓa zama mai saurare ba. Gwaggon ta zauna a tabarma, ta riƙa buga tafinta a ƙasa, ta ja baiti ɗaya. Sai Inna ta karɓe, har ta gyara mata kalma. Ranar ta ci tuwon shinkafa rabin kwano.

Bayan kwana huɗu gwaggo ta koma. Matata Bakanuwa ce, ba ta san waƙar ba, ni kuwa na ji ta tun ina goye. Sati guda na yi ina jin nauyi, wai magidanci da gemu ya amsa waƙar mata. Inna ta koma ture kwano. Wannan satin girman kaina ne ya jawo mata shi.

Yanzu ina dawowa daga kasuwa kafin la'asar. In na yi salla sai in zauna in buga ƙasa, ta ba da waƙa, in amsa. Wata rana abin ba ya ci, sai mu haƙura. Har yau ba ta gane ni ba, na kuma daina tambaya.

Jiya ta dakata a tsakiya ta dube ni.

"Ke wagga, ɗiyar wa ce? Muryarki kamar ta jaki."

"Baƙuwa ce ni, Inna."

"To ki buɗe baki da kyau."

Na buɗe. Matata ta turo kwano kusa da Inna, tana dariya a cikin mayafi.