Famfon Bayan Gida

Dogo yana koyon aikin famfo ne a wajen Baba Mai Spana, wanda gwiwa ta hana shi hawa tsani. A gidan wani tela, ruwan wanka yana zuwa kamar hawaye, duk da tankin cike yake a kan bulo.

"Baba, mu sa babban tanki," in ji Dogo.

Tsohon ya yi dariya. Ya miƙa masa tiyo cike da ruwa, ya ce, "Toshe bakin ƙasa da yatsa." Sai ya ɗaga ɗaya bakin a hankali, har sama da kansa. Dogo ya ji ruwan yana ƙara danna masa yatsa.

"Ruwan bai ƙaru ba, ɗana. Tsayin ne ya ƙaru. Ruwan sama yana danne na ƙasa, komai faɗin tankin."

Suka kafa hasumiyar ƙarfe, Dogo ya hau ya ɗaure tankin, Baba yana ƙasa yana ta faɗa masa ya riƙe da kyau. Da tela ya murɗa famfo, ruwa ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Kai, Dogo!" ya ce, yana dariya. "Ka rage min kaɗan mana!"