Fam Goma Sha Takwas na Mai Jakuna

A shekarar da na cika ashirin da bakwai ina malamin awo na wani kamfanin sayen gyaɗa da riɗi a Jalingo. Ni ke riƙe da sikeli da ɗan akwatin kuɗi, amma manyan littattafai da akawu duk suna Lau, bakin kogi, inda ake loda kaya a jirgi. Albashina fam huɗu ne a wata. Kafin a ba ni akwatin sai da kawuna, wani maɗinki da kakanninmu suka zo da shi daga Zariya, ya sa gidansa na unguwar Majidaɗi jingina. A gidan nan muke zaune, ni da matata da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyata.

Ranar wata Asabar motar kamfani ta kawo mini takarda daga babban akawu. Layi huɗu ce. An ƙi karɓar wani biya da na yi na fam goma sha takwas, domin babu asalin takardar kaya a bayansa. Kuɗin ya zama giɓi a akwatina. In ban cike ba kafin a rufe littafin kaka, za a nemi mai lamuni, wato kawuna.

Na zauna a kan buhu. Na san biyan. Wani mai jakuna ne mutumin Iware, wanda ke kai mana gyaɗa Lau. Ya zo karɓar kuɗin dakonsa da kwafin takardar kaya, mai shuɗin nan, da hatimin ma'ajiyar Lau a jiki, ya ce farar, wato asalin, ta ɓace a hanya. Doka ta ce a kan farar kawai ake biya. Amma na san shi shekara uku, ga hatimi na gani, ga shi yana cewa dabbobinsa ba dusa. Na ƙirga masa, ya dangwala yatsa a bocar akwatina, takardar shaidar biya, ya tafi.

Washegari na hau keke zuwa Iware. Na same shi yana ɗaure wa jaki ƙafa. Da na faɗa masa, sai ya ce da Hausarsa ta Fillanci, "Malam, takarda fari bai ɓace ba. Ƙanena ya samu shi cikin mangala. Ya kai Lau, an ba shi kuɗi."

"To ina kuɗin?"

Ya nuna mini jakuna biyu sababbi a turke. Ƙanen ya ɗauka kuɗin wani tsohon dako ne da suke bi, shi kuma da ya gane, tsoro ya hana shi magana. Na ce ya mayar. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Wala." Babu.

Na dawo na rubuta wa akawu takarda shafi biyu da Turancina na makarantar midil. Na faɗi shekarun da na yi ba a taɓa kama ni da kwabo ba, na faɗi mahaifiyata da gidan kawuna, na ce an biya mutumin Iware sau biyu, don girman Allah su duba. Amsa ta dawo da motar Laraba, a bayan takardata aka rubuta ta da jan fensir: masu dako daga Iware su tara ne a littafinmu, wanne? Wace takarda? Ba mu da lokacin tone kaka guda.

Saura kwana goma sha ɗaya a rufe littafi. Motar da za ta iya kai saƙo a kan lokaci ɗaya ce, ta Asabar. Matata ta kwance 'yan kunnenta da tasoshin aurenta ta ajiye a gabana, na lissafa a zuci, ba su kai fam uku ba. Kawuna kuwa bai sani ba. Kullum da safe in na wuce zaure yana taka keken ɗinkinsa, sai ya ɗago ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ni kuma in amsa ina kallon ƙasa.

A bayan layinmu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana malamin baitulmali kafin idonsa ya raunana. Ranar Alhamis bayan la'asar na tafi wurinsa da sabuwar takardar da na rubuta, wadda ta fi ta farko tsawo. Ya ce in karanta masa, in juya da Hausa. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wa kake rubuta wa?"

"Akawu, Baba."

"Ya san mahaifiyarka?"

"A'a."

"To yana da littafin da zai buɗe ya same ta a ciki? Mutumin nan yana zaune da tarin boca har haɓa. Ko ya tausaya maka, tausayi ba shi da lamba. Ka ɗauke shi makaho irina, ka kama hannunsa ka ɗora a kan takardar."

Ya sa na soke shafi guda cur. Sannan ya shiga tambaya. Cikakken sunan mai jakunan da na ubansa, tunda su tara ne. Lambar takardar kaya. Buhu nawa, daga ina zuwa ina. Ranar da na biya da lambar bocata. Duk ina da su. Sai ya ce, "Lambar bocarsu fa? Da ranar da suka biya, da wanda ya karɓa?"

Na ce ban sani ba, ai littafinsu ne.

"To rabin magana kake da shi. Ka ce an biya sau biyu, ka nuna ɗaya. Duk wanda aka biya a tebur ana yaga masa ɗan guntu. Je ka nemo."

Akwai layin da na rubuta cewa mutumin ya yaudare ni da gangan. Dattijon ya ce in sake karanta shi. Na karanta.

"Ka tabbata?"

Na ce lokacin da ya zo mini, ina jin da gaske bai san inda farar take ba.

"To ka cire. In ka bar shi, ba gyaran littafi za su yi ba, ɗan doka za su kira. Mutum yana gidan yari ba ya dako, wanda ba ya dako ba a cire masa komai. A wurin layin nan ka rubuta cewa kai ka biya a kan kwafi, saɓanin doka."

Nan na ji kamar in fashe da kuka. Na ce Baba, wannan ai da hannuna zan miƙa musu wuƙa. Ya ce, "Sun riga sun gani, shi ya sa suka ƙi bocar. In ka ɓoye, za su ce me kuma ya ɓoye. Ka faɗa layi ɗaya, kada ka yi rantsuwa, ka wuce."

Ranar Juma'a tun da sassafe na sake hawa keke. Tayar baya ta yi faci a hanya, na tura sauran tafiyar da ƙafa. Na tarar ƙanen ya tafi Sunkani da jakuna, guntun takardar kuma yana cikin layar hularsa, inji wan. Ban yi sallar Juma'a a masallaci ba ranar, abin da ban taɓa yi ba tun da na balaga. Na zauna a gindin tsamiya ina jira, ina ƙirga awowi, har rana ta karkata sannan ya dawo. Guntun ya jiƙe da gumi, amma lambar da ranar suna karantuwa. Kwana uku bayan nawa biyan aka yi nasu.

Saura yarda. Dattijon ya riga ya ce mini kada in bar akawu da tambayar yadda kuɗi zai dawo. Mai jakunan yana da dako biyu da ba a biya shi ba tukuna, in ya amince a cire daga ciki, magana ta ƙare. Da na faɗa wa mai jakunan sai ya ɓoye hannunsa a cikin riga.

"In an cire duka, yara su ci me, Malam?"

Na durƙusa a gabansa, ni da ke yi musu tsawa a bakin sikeli. Na ce masa gidan kawuna ne, tsohuwata ce a ciki. Na ce na cire sunansa daga zargi, in ya so a kira mai karatu ya karanta masa takardar. Mun daɗe. Daga ƙarshe wan mahaifinsu ya sa baki da Fillanci, aka tsaya a kan fam goma daga dakon farko, takwas daga na biyu. Ya dangwala yatsa, mai unguwa ya yi shaida.

Da asubar Asabar na rubuta ta uku. Rabin shafi ce. A sama na sa: biya sau biyu a kan takardar kaya lamba kaza, fam goma sha takwas. Sai suna da sunan uba, buhu da hanya. Biya na farko, Jalingo, rana da lambar boca, a kan kwafi, kuskurena. Biya na biyu, Lau, rana da lambar boca, a kan asali, ga ƙanensa. Sai abin da nake roƙo: biyan Lau ya tsaya tunda shi ke da asali, nawa a ɗauke shi daga giɓin akwati a ɗora a kan asusun mai dako, a cire kashi biyu kamar yadda ya amince, kuma a dakatar da biyansa na gaba har a yi haka. Na liƙa takardar yarda da shuɗin kwafin, na kwafe lambar guntun na riƙe shi a wurina, na kuma ajiye kwafin wasiƙar. Na karanta wa dattijon a ƙofar gidansa. Ya ce in ƙara ranar rufe littafi a ƙasa, don su san da gaggawa. Direba har ya ta da mota lokacin da na iso da gudu.

Laraba mota ta zo ba amsa. Ranar nan na shiga zaure na faɗa wa kawuna komai. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da mun yi addu'ar tare." Bai ƙara ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Amsa ta zo Asabar, saura kwana ɗaya. An gano bocar biyu, an ɗauke giɓin, an cire fam goma, sauran takwas sai dako na gaba. A ƙasa babban akawu ya ƙara cewa saboda biya a kan kwafi ba ni da ƙarin albashi a shekarar, kuma daga kaka mai zuwa duk kuɗin dako a Lau za a riƙa biya.

Mai jakunan ya sayar da ɗaya daga cikin sababbin jakunan kafin damina. Ya ci gaba da kawo mana kaya shekara huɗu bayan haka, muna gaisawa, amma bai sake zama a rumfata ya sha fura kamar da ba.