Kalma takwas da na ƙwato wa Baba

Shafi uku Alhaji ya ajiye mini a kan tebur, a ɗan shagona na buga takardu da ke Zongo. An gayyace shi baje kolin masu sana'ar hannu, kuma masu shirya taron suna son tarihin kowane mai rumfa da Faransanci, kalma hamsin, don su buga a littafin taro su kuma manna a gaban rumfa.

"'Yar Malam, ki rage mini shi," in ji shi. "Cinquante mots suka ce. Amma kar ki zubar da komi."

Rabona da jin wannan suna a bakinsa tun kafin idon mahaifina ya mutu. Shekara goma sha ɗaya Alhaji ya yi a zaurenmu yana koyon aikin babbar riga, tuwonmu yake ci. Da Baba ya daina gani, sai ya kwashe masu kawo ɗinki ya buɗe shago a unguwar Gounghin, bai sake leƙo mu ba. Har Baba ya rasu, in ya ji takun namiji a ƙofa sai ya tambaya ko shi ne.

Na karanta shafukan. Kirari ne zalla, irin na ranar biki: hajji uku, shugabancin ƙungiya, kakansa mai fataucin goro, manyan da suka sa rigarsa. A shafi na biyu na ci karo da wata kalmar Faransanci guda, mai nufin wanda ya koya wa kansa sana'a. Sai da na tashi na sha ruwa. Na tsani mutumin nan a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ka'idar aikin na san ta. Ana zubar da yabo, ana barin abin da in an rufe sunan mutum za a gane shi da shi. Ni kuwa da gangan na yi akasin haka. Na tattara masa muƙamai da "gogagge" da "fitacce" har na'ura ta ƙirga hamsin cif. Ya saurara yana shafa gemu, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Kwana huɗu ya dawo yana huci. Matar da ke haɗa littafin ta maido, ta ce teloli goma sun aiko mata irin wannan, in bai kawo abin da ya bambanta shi ba zuwa Juma'a, sunansa kawai za a sa.

"To zauna, Alhaji. Me kake yi da wani ba ya yi?"

Ya ce shi ne shugaba. Na ce shugabanni sun yi yawa a littafin. Da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori, ya fara faɗin na gaskiya: ba ya taɓa keke, allura ce kawai, yana zana aska, adon gaban riga, a jikin yadi da tawada, ba takardar kwafi, riga ɗaya takan ci wata huɗu. Na rubuta da sunansa a gaba, na datse, ya tsaya a arba'in da biyu. Ya yi kyau, har haushi ya ba ni.

"Saura takwas," ya ce. "Sa président ɗin nan, shugabancin ƙungiya, da hajji."

"Duk wanda ya karanta zai tambaya ina ka koyi zane ba takarda. Ina ka koya?"

Ya dubi fankar sama.

"Kin sani mana."

Na nuna na'urar. "Ordinateur bai sani ba. Faɗa mishi."

Ya faɗa, a hankali. Na ce fanka ta hana ni ji, ya maimaita. Na buga cewa an horar da shi shekara goma sha ɗaya a Zongo wurin wane: kalma shida, sunan Baba biyu. Ya roƙi a matsa a sa ko "El Hadj" ne. Na nuna masa akwatin fom ɗin masu taron a na'ura, wanda ba ya karɓar ta hamsin da ɗaya, na ce ya zaɓi abin da za a cire, allurar ko wata huɗun. Bai zaɓa ba, na aika.

Ranar buɗe taro na rufe shago na tafi. Na sami benci daura da rumfarsa, na sayi gyaɗa. Mutane sukan tsaya su karanta katin da aka manna, su shafa rigar, kuma kusan kowa sai ya tambayi wane ne wannan malamin. Alhaji ya yi ta bayani da Faransanci da Mosanci da Hausa, gumi na bin wuyansa. Wata tsohuwa ta ce ta san Baba tun kafin a rushe layinmu, ta tambaye shi ko yana wurin lokacin jinyar Baba.

Ya ɗago, muka haɗa ido. Ban taimake shi ba. Na fasa gyaɗata, na jira in ji amsar da zai ba ta.